Rasit a Cikin Gilashi

Da muka koma Fatakwal bayan yaƙin basasa, ni da taubashina muka samu rumfuna maƙwabta a kasuwar Mile One, cikin unguwar Diobu. Ni barkono da busasshiyar kuɓewa nake sayarwa. Shi kuwa fatoma ne: masu albasa daga arewa su sauka a wurinsa, su jibge buhunansu a sitonsa, ya sayar musu, ya cire la'adarsa. Ko ɓawon albasa ɗaya a siton nan ba nasa ba ne. Amma da za ka ga yadda yake zama a bakin ƙofa, ƙafa kan ƙafa, sai ka rantse shi ya noma ta, shi ya yi mata ban ruwa.

Kuɗin mai ya shigo gari, kowa na cin miya da albasa har da ƙari. Taubashina ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya sayi mota ta hannu, ya koma Alhaji. Tun daga nan dariyarsa ta koma gefe ɗaya, gefen haƙorin.

Ni dai a firamare aka sallame ni, ban kai ƙarshe ba, amma na iya karanta abin da zai cuce ni. Saboda haka duk takardar da aka ba ni, ta kuɗin rumfa, ta mota, ta haraji, sai in soke ta a wata waya da na rataye a bango. Alhaji kan leƙo ya ce, "Malam Bature, yaushe za a gasa tsiren nan naka? Ya isa ci."

Nasa takardun wuta ke ci. Kowace mota ta zo da takardar lodi, mai ɗauke da sunan mai kaya da yawan buhunansa. Da ita ake hura gawayin shayi. Takardun kuɗin haya ma haka. In ka yi magana ya ce, "Mu da amana muke ciniki. Neman takarda sai maras asali."

Ran nan mai awon haraji na jiha ya shigo layinmu. Mutumin kudu ne, amma a Zariya ya tashi kafin yaƙi, Hausarsa har ta fi ta wasunmu tsabta. Ya fara da ni. Na sauko da wayata, ya duba abin da na saya, ya duba abin da na kashe, ya tambayi cinikina. Ya ce haraji a kan abin da ya rage maka ake yankawa, ba a kan abin da ya ratsa ta hannunka ba. Ya yi rubutunsa ya wuce. Ban ji daɗi ba, don ba wanda ke jin daɗin haraji, amma ban yi ciwon kai ba.

Sai ya isa ƙofar Alhaji, daidai lokacin da 'yan layi suka taru shan shayi. Ya gaishe shi cikin ladabi, ya dubi siton da ya cika har rufi.

"Alhaji, duk wannan naka ne?"

Na yi tari. Na sake yin tari har ƙirjina ya yi zafi. Alhaji ya dubi jama'a, ya buɗe gefen haƙorin.

"Wannan ai ragowa ce. Ka zo ran da motocina suka sauka."

"Motocinka?"

"Ba a rasa ba."

"Masha Allah," in ji mai awo. "Akwai takardun saye da na kashe-kashe, mu cire maka?"

"Ni ba na ajiye takarda. Tambayi wancan, shi ne akawun barkono."

Aka yi dariya, har da mai awon. Ya ce ba komai, in babu takarda doka ta ba ofis dama ya ƙiyasta da abin da ya gani da abin da ya ji. Ya kuwa ga sito, ya ga mota, ya ji abin da ya ji.

Da takardar awo ta iso, ni aka kira in karanta, a bayan sito, inda ba kowa. Na karanta a hankali, don ban ga dalilin da zan yi sauri ba. An auna shi a matsayin mai albasar gaba ɗaya. Haƙorin ya shige ciki.

"Taubashi, wannan ai zalunci ne."

"Wa ya yi maka?"

"Ka bar wasa. Me za a yi?"

Na nuna masa ƙasan takardar. Yana da damar rubuta ƙorafi kafin wa'adin da aka sa ya cika. Sai ya faɗa a rubuce cewa shi dillali ne, la'ada kawai yake ci, ya kuma kawo shaida: takardun lodi masu sunayen masu kaya, da rasit na haya da na 'yan dako.

"Ina takardun?" na tambaye shi.

Ya dubi murhun shayi.

"To," na ce, "ai kun sha su."

Duk da haka akwai sauran hanya. Baƙinsa masu albasa za su iya sa hannu a takarda cewa kayan nasu ne, direbobi ma wataƙila ba su yar da kwafinsu ba. Ko ofis zai karɓa, ko ba zai karɓa ba, a gwada dai. Amma wannan na nufin ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a shaida cewa ba shi da komai, kuma kafin la'asar duk Diobu ta ji. Ya gyara hula.

"In ce da gwamnati ni ɗan la'ada ne? Da bakina?"

"Da me kake ci, Alhaji?"

"Kai dai ba ka san girma ba."

Gaskiyarsa, ban san shi ba. Wa'adi ya wuce, awo ya tabbata. Ya sayar da motar, ya ce wa mutane wai ta cika shan mai, a garin da mai ya fi ruwan sha araha. Ya je ya biya, aka ba shi rasit mai hatimi.

To wannan rasit ɗin bai shiga wuta ba. Ya kai wa mai hoto aka saka masa shi a gilashi, ya kafa shi a bangon sito, saitin ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa: "Duba abin da gwamnati ke karɓa a hannuna. A layin nan wa ya kai haka?" In mutum bai iya karatu ba, sai a ƙwala mini kira in zo in karanta. Ban taɓa ƙi ba.

Haka na karanta wa babban baƙonsa, wani dattijo mai albasa daga ƙasar Sakkwato, wanda rabin siton nan kayansa ne. Ya saurara da sandarsa a hannu, ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya juya wurina.

"Malam, harajin nan a kan riba ake yanka shi, ko?"

"A kan riba, Baba."

"To Alhaji, la'adar da muka sani ba ta haifar da wannan. A cikin albasar wa ka samo ribar?"

Alhaji ya fara rantsuwa. Ya ce ƙiyasi ne kawai, ya ce kuri ya yi, ya faɗi da bakinsa duk abin da ya ƙi rubuta wa ofis, a gaban 'yan shayin nan dai. Kuma gaskiya yake faɗa, bai taɓa cin kwabon kowa ba, wannan zan shaide shi. Dattijon ya ce ya ji, a kawo takardun lodi a bi su buhu-buhu, magana ta ƙare.

Motar albasar dattijon da ta biyo baya a siton wani fatoma ta sauke. Sauran baƙin suka bi dattijon, don a harkar albasa labari ya fi kaya saurin isa gida.

Da siton ya koma wayam, Alhaji ya leƙo rumfata wata safiya, bai ko zauna ba. Ya tsaya yana kallon bango.

"Taubashi, irin wayar nan taka, a ina ake samu?"

Na yanko masa guda, har na lanƙwasa masa bakinta. Ya karɓa ya tafi ya rataye ta kusa da gilashin. Abin da za a soke a jiki ne dai babu.