Naman da Na Mayar wa Babana

Shekara biyu da gama bautar ƙasa ina zaune a Fatakwal ba aiki, har babana ya gaji ya yanke mini wa'adi. Mahauci ne a kwata, wajen Trans-Amadi, kuma kafaɗarsa ta dama ta soma gaza ɗaga gatari. Ya ce in babbar Sallah ta zo ban samu aiki ba, in rataye digirin in karɓi wuƙa da teburinsa. Bai faɗa da faɗa ba. Da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi, don na san duk wahalar da ya sha ya sha ta ne domin kada in tsaya inda yake tsaye.

Ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta na karanta. Amma in ka duba takardun neman aikina na lokacin, ba za ka ce mutum ɗaya ne ba. Sibi, wato takardar tarihin karatu da aiki, huɗu nake da su. A ta banki ni gwanin hulɗa da jama'a ne, a ta kamfanonin mai ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, akwai ta koyarwa, akwai kuma wata da na tara komai a ciki kamar faten gidan biki. A shafin intanet na masu neman aiki na rubuta cewa ni ƙwararre ne a tallan zamani, saboda na taɓa sayar da takalma ta waya. Sunana ma bai tsaya wuri ɗaya ba: a nan na bi shi da sunan babana, can da sunan garinmu na Arewa yadda aka rubuta mini a firamare, a intanet kuwa laƙabin da abokai suka sa mini. Abu ɗaya ne duk suka yi tarayya a kai, babu inda kalmar kwata ta fito. Adireshin wani ɗan'uwanmu na Rumuokoro nake sawa, don kada a ji ƙarnin jini a jikin takardata.

Kowa ya san yadda ake kallon mahauci a wajenmu. A ci namansa, a yi masa wasa, amma in zancen asali ya taso sai a yi ƙasa da murya. Da wannan na girma, na kuma ɗauke shi na kai ofisoshin mutanen da ba su ma san da zancen ba.

Saura wata uku Sallah aka kira ni ganawa a wani kamfani da ke dafa wa ma'aikatan kamfanonin man fetur abinci. Ban ma tuna wace sibi na aika musu ba. Matar da ke ɗaukar ma'aikata, wadda kowa ke kira Madam, ta ajiye takardata a gabanta, ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Shafina ne a buɗe, ga hotona da baƙin tabarau ina jingine da motar da ba tawa ba.

"Wannan kai ne?"

Na ce ni ne.

"To wannan na takarda fa? Sunan ba ɗaya ba, aikin ba ɗaya ba. Which one you be?"

Na yi abin da aka koya mini tun ina yaro in ina gaban babba. Na sunkuyar da kai na ce duk aikin da aka ba ni zan yi, ba na zaɓe. A gidanmu wannan ladabi ne, mai yabon kansa kuwa marar kunya ne. Ita sai ta rufe fayil ɗin. Ta ce ba ta da gurbin mai yin kowane aiki. In ta shiga wajen manyanta, jimla ɗaya take da ita ta faɗa a kan kowane mutum, kuma ni ban ba ta jimlar ba. Ta ce in na gano abu ɗaya da zan iya yi musu fiye da sauran da ke zaune a waje, in sake aikowa.

A ƙafa na taka har kasuwar Mile 3, ana yayyafi, ina zagin matar a zuciyata. Wajen masu kayan miya zagin ya ƙare, sai tsoro. Na ga kaina da rigar leda da takalmin roba, tsofaffin 'yan ajinmu suna zuwa sayen kilo ɗaya suna cewa ashe nan ka dawo. Wallahi na yi kuka a bakin titi, ruwan sama ne ya rufa mini asiri.

Kwana biyu ina juya tambayarta, kuma amsar da nake ta samu ita ce wadda ba na so. Ni na san nama. Tun ina firamare nake gane hantar da tsutsa ta ci kafin a tsaga ta. In na taɓa cinya na shinshina, ina iya kintatar tun yaushe aka yanka. Ina jin Hausar dillalan shanu har da abin da ba su faɗa ba, ina jin Turancin buroka na masu saye, kuma a jami'a na koyi abin da ke faruwa da nama in ya daɗe a zafi. Duk masu digirin da ke layi a ofishin nan, da wuya a samu wanda ya haɗa waɗannan. Abin da nake ɓoyewa shi kaɗai ne abin sayarwata, kuma na ji haushin hakan ƙwarai.

Na goge sibi uku, na sake rubuta ta huɗun daga farko. Na zaɓi sunan da ke kan takardar digirina na sa shi ko'ina, har a lambar wayata, sauran takardun na je kotu na yi rantsuwar cewa duk ni ne. Hoto ɗaya, farar riga, ba tabarau. Na cire takalma da tallan zamani. A saman shafin da saman sibi na rubuta magana iri ɗaya: masanin ƙwayoyin cuta da ya tashi a kwata, mai tantance nama daga wurin yanka zuwa ɗakin sanyi. A ƙasa na sa alkawarina, cewa naman da bai cika ƙa'ida ba ba zai wuce ta hannuna ba, ko na wane ne. Na fi awa ɗaya ina kallon kalmar kwata kafin in danna.

Magana kuma sai da shaida. Kowane mako na riƙa ɗora gajeren rubutu da hoto: yadda ake gane lafiyayyar hanta, dalilin da ya sa ba a ajiye nama a ƙasa, abin da rana ke yi wa naman da aka bari a buɗe. Na je wajen malamin da ya duba aikina na ƙarshe a jami'a da likitan dabbobin da ya san ni a kwata, na nuna musu abin da na rubuta, domin in an kira su a ji magana ɗaya. Da can shaiduna cewa kawai suke yi yaro ne mai hankali.

Labari ya kai kwata. Abokan sana'ar babana suka sa shi gaba da tsiya, wai an kai yaro jami'a ya dawo yana ɗaukar hoton tumbi. Ya dawo gida ya ce, "Ni na fitar da kai daga jini, kai kuma ka je kana shela da shi?" Na ce, "Baba, shi kaɗai nake da shi." Ya ɗauki buta.

Na sake aika wa Madam. Shiru, mako biyar. Raguna suka fara cika bakin titi, babana ya sa aka wasa mini wuƙa aka ajiye a kan taga. Saura kwana goma sha biyu Sallah ta kira. Suna neman mai karɓar nama a ƙofar ɗakin sanyi, za a gwada ni mako ɗaya. Ta karanta mini alkawarina daga kwamfutarta, ta ce, "Na you write am o." Ƙa'idarsu a rubuce take: nama ya iso da safe cikin lokacin da aka sa, a rufe cikin akwatin sanyi, da shaidar likita. In ɗaya ya ɓace, a mayar.

Dillalin da ke kawo musu nama yana haɗawa ne daga mahauta da yawa, har da babana wani lokaci. Na faɗa wa Madam haka tun ranar farko, ta ce ta ji. Rana ta huɗu motar dillalin ta lalace. Babana ya ce shi zai kawo nasa kason da kansa, kuma na san dalili, so yake ya ga inda ɗansa yake aiki. Aka yi ruwa, hanya ta cushe. Sai bayan azahar tasi ta tsaya a ƙofa, ya fito cikin kaftaninsa na Juma'a da hula, yana murmushi. Aka buɗe but ɗin bayan motar. Cinyoyi ne a kan buhu, an rufa musu leda, kusa da tayar safaya, tun yankan asuba.

Naman bai yi wari ba. A kasuwa da kafin la'asar ya ƙare, mu ma a gida da mun ci. Madam tana tsaye a bakin ofishinta da waya a kunne, ban sani ba ko kallona take. Na duba agogo, na duba but ɗin, na sake duba agogo kamar zai canza.

"Baba, ba zan iya karɓa ba."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga na rubuta a takarda sai ya matso ya rage murya.

"Kai, ni ne fa."

"Na sani, Baba. Lokaci ya wuce, kuma ba a akwatin sanyi yake ba."

Na kai hannu in gyara ledar, ya ture hannuna. Da kafaɗar nan mai ciwo ya ja murfin but ɗin ya rufe, ya shiga gaba, bai waiwayo ba. Na shiga ɗakin sanyi na tsaya tsakanin kwalayen kaji har haƙorana suka fara kaɗawa, don kada kowa ya ga fuskata.

Ranar Litinin aka ba ni takardar ɗaukar aiki. Na kai wa babana, ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya sa albarka, ya miƙa wa Umma ta adana. Bai taɓa tayar da zancen ranar nan ba, bai kuma sake zuwa wajen aikina ba. Amma har ya bar sana'a, duk ranar da ya kawo nama gida ba ya miƙa wa Umma kai tsaye. Sai ya ajiye ƙunshin a gabana, ya koma gefe ya tsaya, ya ce, "Malam, a duba mana, ko za mu iya ci." Ban taɓa gane ko tsokana ce ko ciwo ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambayarsa ba. Buɗewa nake yi in duba, in ce yana da kyau, Baba.