Kwamanda a Gida na Uku

Tun yana kwana biyu a duniya aka fara kiransa Kwamanda, kuma sunan ya bi shi har kabari, duk da bai taɓa sa kaki ba. Direban motar 'yan makaranta ne. Ya rasu yana da shekara talatin da huɗu, ciwon ƙoda, ya bar mata da 'ya ɗaya.

Asalin sunan daga gwaggonsa ne, yayar mahaifinsa, wadda ke da shagon tabarau. A bayan shagon akwai ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da fanka, inda take duba wa mutane taswirar haihuwa, wato zanen yadda taurari suka tsaya lokacin da aka haifi mutum. Wasu na cewa abin bai dace ba, ita kuwa takan ce ba ta faɗin gobe, inda hankalin mutum ya karkata kawai take karantawa. Ƙaninta Injiniya ya yarda da ita tun suna yara. Ranar da aka haifa masa ɗa, kafin ya je gida ya yi wanka, sai da ya biya ya ba ta lokacin haihuwar.

Aikin nata yana da tsari. Da farko a nemo ɗali'i, wato burji, ko rukunin taurari, da ke hawowa daga gabas a daidai lokacin da aka haifi mutum, a garin da aka haife shi. Kowane burji yana da tauraron da ke mulkinsa, kuma tauraron da ke mulkin ɗali'i shi ne ubangidan taswirar. Sai a duba a wane gida ya sauka cikin gidaje goma sha biyu, ana ƙirga burji ɗaya gida ɗaya daga ɗali'in. Inda ya sauka, nan ne jigon rayuwar.

Lokacin da Injiniya ya bayar ya faɗa gabanin fitowar rana. Gwaggo ta buɗe littafin jadawali, ta samu burjin Kunama ne ke hawowa. A lissafin magabata Mirriku ke mulkin Kunama, tauraron ƙarfe da yaƙi, kuma ga shi zaune a burjin Zaki, gida na goma, gidan muƙami da suna.

"Ka haifi kwamanda," in ji ta.

Mahaifiyar, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyar da labarin ƙasa a sakandare, tana kwance a asibiti aka yi wannan. Da ta ji labari dariya kawai ta yi. Ba ta yarda da abin ba, don haka ba ta taɓa tambayar wane lokaci aka bayar ba.

Yaron ya tashi ba shi da faɗa. In an aike shi sayen ashana sai ya dawo da labarin gida biyar: wane ba shi da lafiya, famfon su wance ya fashe. An sa shi makarantar horon soja, ya dawo bayan zango biyu da aminai fiye da makin jarrabawa. Ya fara karatun injiniya, ya bari a shekara ta biyu. Ya yi rabon wasiƙu da kaya a babur, daga baya ya samu wata tsohuwar bas mai kujera goma sha takwas, ya shiga ɗaukar yaran unguwa zuwa makaranta.

A nan ya zauna. Ya san yaron da ke amai in ya zauna a baya, da wanda sai an ƙwanƙwasa ƙofarsu sau biyu. A aljihun mota akwai allura da zare saboda maɓallan da ke tsinkewa. Tsakanin kai yara da ɗauko su, motar ta zama ta kowa: tsohuwa mai zuwa gwajin jini, tela mai kai ɗinki, saƙon wannan gida zuwa wancan. Ƙannensa mata biyu, duk rigimar da ta tashi a gidajen aurensu shi ake kira, ya je ya zauna ya sha ruwa ya yi ta surutu har kowa ya manta abin da ya haɗa faɗan.

Injiniya bai taɓa zaginsa ba. Sai dai in sun zauna cin abinci yakan ce, "To Kwamanda, yau runduna nawa ka kai firamare?" Ɗan ya yi dariya ya ce, "Goma sha takwas, Baba, ba a rasa ko ɗaya ba." Malama na ganin yadda ɗan nata yake ajiye cokali bayan dariyar.

Wata biyar bayan rasuwar, jikarsu mai shekara tara ta zo hutun ƙarshen mako. Malama na yi mata tsifa sai yarinyar ta ce, "Kaka, wai Babana bai kai inda aka rubuta masa ba?"

"Wa ya ce?"

"Kakana. Ya ce ni zan kai masa."

Malama ta gama tsifar. Ta jure wannan magana a kan ɗanta yana raye, don shi babba ne, yana iya mayar da ita wasa. Yarinyar kuwa ba ta da abin da za ta tuna ubanta da shi sai abin da aka faɗa mata. Ta san mijinta: hujjarta ba za ta motsa shi ba, abin da ya fito daga ɗakin bayan shago, can kawai za a iya warware shi.

Ranar Litinin ta je shagon. Gwaggo ta tsufa, tana gyara ƙafar wani tabarau da ɗan ƙaramin sukudireba.

"Yau kafirar taurari ce a shagona? Ko idon ne ya fara?"

"Idona lafiya lau, Yaya. Taswirar yaron nan nake so ki nuna min. Ki bi da ni kamar ɗaliba."

Suka shiga ciki. Yanzu kwamfuta ke yi mata lissafin. Ta shigar da rana da gari da lokaci, da'ira ta fito. Ta nuna gefen hagu da yatsa.

"Nan ne gabas. Kin ga Kunama, ƙarshe-ƙarshenta ma. Ga Rana nan ƙasa da layin, a farkon burjin Baka, ba ta fito ba tukuna."

Malama ta shekara talatin tana zana wa yara fitowar rana a allo. Ta dubi layin, ta dubi alamar Ranar a ƙarƙashinsa.

"Wannan layin shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa?"

"Shi ne."

"To ai rana ta fito, Yaya."

"A'a, mijinki ya ce da sauran duhu."

"Shi ya haihu ko ni? Ungozoma ta kashe fitila. Rana ta shigo ta taga tana dukan idona har na ce a ja labule. Ana ja, ya faɗo."

Gwaggo ta cire tabaranta. "Ta yi sama sosai?"

"Lokacin ta fara leƙowa kan katangar asibiti. Da sauran ja a jikinta."

"In rana ta fito tana burjin Baka, to Baka ce ke hawowa, babu makawa. Kuma in ba ta yi nisa ba, ba a kai ga burji na gaba ba." Ta ɗauki waya ta kira ƙaninta. "Kai, ka zo shago yanzu. A'a, ba wanda ya mutu."

Injiniya ya iso da sandarsa, ya ga matarsa a ɗakin da ba ta taɓa shiga ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Lokacin nan da ka ba ni," in ji yayarsa, "a ina ka samo shi?"

"A agogona. Ina kan benci a baranda, na ji kukansa, na duba."

"Ka gan shi?"

"Ina zan gan shi? Ba a barin maza su shiga. Sai can da gari ya waye ma'aikaciya ta fito ta ce namiji ne. Na ɗauka wanka suka tsaya yi masa."

"Mu uku ne a ɗakin," in ji Malama. "Ta gadon bango ta riga ni. Kukan ɗanta ka ji."

Fanka na ta juyawa. Gwaggo ta matsar da lokacin zuwa bayan fitowar rana kaɗan, da'irar ta ɗan juya.

"To ga shi. Ɗali'i Baka. Mai mulkin Baka Mushtari ne, ba Mirriku ba. Mirrikun yana nan a Zaki, amma ba shi ne ubangida ba, kuma yanzu ma ya koma gida na tara. Mushtari tauraron yalwa ne da kyauta. Ina yake? Ga shi a Guga. Baka ɗaya, Ɗan Akuya biyu, Guga uku. Gida na uku."

"Na mene ne?" Injiniya ya tambaya, ko da yake Malama ta tabbata ya sani.

"'Yan'uwa. Maƙwabta. Gajerun tafiye-tafiye, saƙo, karatun yara na farko." Ta mayar da tabaranta. "Da ka kawo min lokacin kirki, da direba zan ce maka, ko malamin firamare, ka huta ka hutar da mu."

Malama ba ta ji imaninta ya canja ba. A ganinta gida na uku da na goma duk zane ne a kan gilashi, ɗanta kuwa ta san shi ba tare da su ba. Amma ta ga mijinta ya lalubi kujera ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sanda.

"Wato wani yana can da taurarina a kafaɗa," ya ce.

"Ba naka ba ne, na ta gadon bango ne," in ji yayarsa. "Wataƙila ma mace ta haifa."

"Namiji ne," in ji Malama. "Ƙato."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon da'irar, sannan ya ce, "Kwamanda ya taɓa ce min in zo in raka shi da safe, in ga yaran. Na ce ina da abin yi." Wani ya shigo shago yana sallama, Gwaggo ta fita.

Suka koma gida, kwanaki suka wuce. Malama ba ta tayar da zancen ba.

Ranar Asabar jikar ta dawo. Bas ɗin na nan a gefen gida an rufe ta da tamfol, ba a yanke shawarar sayar da ita ba. Malama na wanke kofuna ta hango su ta taga: Injiniya ya yaye tamfol, ya buɗe ƙofar, yarinyar ta haye kujerar direba tana murza sitiyari.

"Maganar da na faɗa miki rannan," ta ji yana cewa, "ki bar ta. Kuskuren lissafi ne, kuma nawa ne. Babanki ya kai inda za shi. Kullum ma sau biyu yake zuwa."

"To ni ina zan kai?"

"Oho. Ki tambayi kakarki, ita ke ganin rana."

Yarinyar ta buɗe aljihun mota, ta zaro zare da allura a soke a jikinsa.

"Wannan fa na mene ne?"

Injiniya ya juya abin a hannunsa. Bai sani ba. Ya ɗaga kai wajen taga ya ce, "Malama, zo ki gaya mana."

Ta goge hannunta ta fita.