Fuskar Mahaifin Rilwanu

Rilwanu mai gyaran hoto ne a Gwagwalada. Da mahaifinsa ya rasu, hotonsa ɗaya ya rage, na tsohon katin aikinsa a wata masana'anta a Idu.

Sai Rilwanu ya ɗauki ƙaninsa hoto cikin babbar riga, ya ɗora fuskar baban a kai da kwamfuta. Fuskar ta fito dishi-dishi, don haka ya sa ta a manhajar da ke gyara fuska. Ita kuwa ba ta san mutumin ba. Inda bai fito ba, cikewa take da abin da ta koya daga fuskokin wasu. Hoto ya fito tas, ya rataye a falo. Katin kuma ya ɓace wajen ƙaura.

Bayan shekara uku gwaggonsa Ikilima ta zo daga Abaji. Ta daɗe tana kallon bangon.

"Ɗana, wane ne wannan?"

"Baba ne mana, Gwaggo."

"Ina tabon girarsa? Idon yayana ma ba haka yake ba."

Rilwanu ya runtse ido yana neman fuskar babansa, amma ta bangon kawai yake gani. Gwaggo ta zauna tana kwatanta masa, yana share hawaye.