Ribar da Malam Bai Faɗa Ba

Ni ba mai fita ba ce. Shekarata sha tara a Abuja, amma idan aka ajiye ni a tsakiyar gari ba zan iya kawo kaina gida ba. Abin da na sani shi ne ɗakunanmu biyu na haya a bayan Apo, da rediyona, da muryoyin mutane. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. Ina daga kicin nake gane wace maƙwabciya ce ta shigo, daga jan silifas ɗinta kawai.

Maigidana makanike ne a garejin Apo. Duk abin da muka tara a zamanmu fili ɗaya ne a wajen Bwari, wanda muke cewa ranar da ƙarfinsa ya ƙare can za mu je mu kafa ko da ɗaki ɗaya. Takardarsa tana ƙasan akwatina, cikin leda.

Wata Juma'a da la'asar ya dawo da fara'a, ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wani babban malami da muke sauraron karatunsa tun muna amarci. Ga shi nan zaune, da rawaninsa da littafinsa, yana cewa ya binciki wani kamfani ya tabbatar halal ne, duk wanda ya zuba jari za a ninka masa cikin wata guda, kuma ranar Litinin za a rufe.

"Kin ji da bakinsa ko?" in ji maigidan. "Na riga na yi magana da dillali. Gobe zai zo gareji da mai saye."

Na ce, "Baban yara, filin namu?"

"Wata ɗaya ne. Mu sayi biyu irinsa. Ko kin fi Malam sani ne?"

Wace ce ni da zan ce Malam ya yi ƙarya? Na ɗauko masa takardar, na dai roƙe shi ya tura mini bidiyon a wayata.

Da safe ya fita da ledar. Na zauna tsintar shinkafa, na kunna bidiyon na ajiye wayar a kan turmi, kamar yadda nake yi da rediyo. Da yake ba na kallo, sai kunnena ya kama aiki. Muryar tasa ce, har ɗan kaushin nan. Amma Malam mutum ne mai gyaran murya, ba ya jera magana uku bai ja numfashi ya ce "to, jama'a" ba. Wannan kuwa tafiya kawai yake yi sumul, ba tari, ba numfashi, ko motsin masu sauraro babu. Sai ya zo wurin da ya ce, "Ku zo ku ci riba mai albarka."

Shinkafar ta zube daga hannuna.

Riba biyu ce a bakin Bahaushe. Ta ciniki ana jan ta, ta fara sama ta sauko. Ta haram, ta kuɗin ruwa, gajeriya ce, daga ƙasa take hawa. Ta biyun ya faɗa. Malamin da na ji yana kuka a kan mumbari saboda masu cin ta, shi ne yake kiran mutane su zo su ci, wai mai albarka. Na mayar baya sau biyar. Sau uku kalmar ta fito a bidiyon, duka ukun ta haram.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Da farko ba ma filin na tuna ba. Tunanina shi ne, idan ba Malam ba ne, to wane ne yake magana daga cikin bakinsa? Na yi a'uziyya, na kife wayar.

Allah ya sa Asabar ce, maƙwabciyata da ke aiki a ma'aikatar gwamnati tana gida tana wanki. Na kai mata wayar, ko mayafi ban ɗauka ba.

Ta share hannu ta kalla, ta ce, "Maman yara, ai wannan haɗi ne. Tsohon bidiyon karatunsa suka ɗauka. Su ba kwamfuta muryarsa ta koya, sai su rubuta abin da suke so ta karanta, su gyara bakin ya bi maganar."

"To me ya sa ta ce riba ta haram?"

Ta sake saurara, sai ta yi wata 'yar dariya. "Wallahi ni ban ji ba sai da kika faɗa. A rubuce ai duk ɗaya suke. Inji bai san wacce ake nufi ba."

Ta tsayar da hoton ta nuna mini. Wurin da ya ce "bismillahi", leɓɓansa ba su haɗu sosai ba. Haƙoransa sun zama farin abu guda kamar an shafa alli. Da hannunsa ya gifta ta gaban gemu, gemun ya yi rawa kamar hoto a cikin ruwa. Kuma hannun nan ɗagawa iri ɗaya yake ta maimaitawa. Ta buɗe shafin Malam na gaskiya, inda ake saka karatunsa, babu wannan bidiyo, babu zancen kamfani. Lambar asusun da aka ce a tura kuɗi ma sunan wani mutum ne a kanta.

Na kira maigidan sau huɗu bai ɗauka ba. Na san halin gareji, ƙara ba ta bari a ji waya. Na zura hijabi na tare mai Keke mai ƙafa uku, ni da ban taɓa taka wurin aikinsa ba. Duk hanya ina lissafin ƙila an riga an sa hannu.

Na same su a kan benci, shi da dillali da wani mai babbar riga, ledata a kan cinyar dillalin. Da ya gan ni ya miƙe a firgice.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Minti biyu nake roƙo."

Dillalin ya ce, "Oga, ashe da madam za a yi cinikin? Da ka faɗa mana mun zo da goro."

Na ga kunyar ta taɓa shi, fuskarsa ta ɗaure. Amma ya buɗe wata mota da ake gyara muka shiga, ya ja ƙofa. Na ce, "Kai ne kake cewa ido yana ruɗin makanike, da kunne ake gane ciwon inji. Rufe idonka."

Ya harare ni, sannan ya rufe. Na kunna. Da aka zo wurin, na ga girarsa ta motsa.

"Mayar."

Na mayar. Ya saurara har sau uku, gumi yana bin wuyansa. Can ya ce, a hankali, "Ba ya numfashi." Ya buɗe ido ya daɗe yana kallon sitiyari. "Jiya mutum shida na tura wa bidiyon nan."

Ya fita ya karɓi ledar. Ina jin dillali yana faɗa, wai an ɓata masa safiya, wai mace ta juya babban mutum. Maigidan ya juya masa baya. Ya dawo ya ajiye mini takardar a cinya, ya zauna yana kiran mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Biyar ya samu a kan lokaci. Na shidan, wani mai fenti a layinsu, ya riga ya tura kuɗin auren 'yarsa tun daren jiya.

Takardar tana ƙasan akwatina har yau. Amma maƙwabciyata ta faɗa mini wata magana da ta hana ni sakewa. Ta ce kar in dogara da kunne kaɗai, kullum injin ƙara koyo yake, wata rana zai iya riba biyun, zai iya tarin ma, sai dai mutum ya riƙa bincikawa a wurin mai maganar. Tun daga nan, ko 'yata ce da ke aure a Kwali ta turo mini saƙon murya, ba na amincewa nan take. Nakan kira ta in ce, "Ke ce kika turo?" Ta ce, "Mama, ni ce mana." Ni kuma in yi shiru a kan layi, ina jira in ji ta ja numfashi.