Igiyar Barkono

Ta bayan katanga Husaina ta jiyo muryar yayanta Luƙman yana ce wa mahaifinsu kare ba zai shiga motarsa ba. Tsohon ya amsa cewa in haka ne shi ma ba ya zuwa Yamai.

Mahaifin nasu, Buba, maharbi ne, mutumin Lugu. Daji ya ƙare, matarsa ta rasu, ido ya fara hazo, abin da ya rage masa shi ne Barkono, wani jan kare siriri mai tafiya gabansa kamar ɗan jagora. Luƙman kuwa ya yi kanti a Yamai, ya zo ɗaukar uban ya koma wurinsa. Najasa yake ta ambata, amma Husaina ta san abokan masallacinsa yake hange.

Aka shirya kan kare ya hau bayan mota, gefen buhunan hatsi, Husaina kuma ta raka su. Buba bai ba shi abinci ba tun safe don kada hanya ta tayar masa da zuciya. Ya naɗa masa tsohon zane a ƙirji, ya ɗaura igiya a jikin zanen, gajera, yadda zai kwanta amma ba zai kai bakin mota ba. Ya kafa masa inuwa da tabarma. Ya so zama tare da shi, Luƙman ya ce mutane za su ce ya ɗauko ubansa kamar kaya.

Daga Dogon Dutsi tsohon ke roƙon a tsaya kare ya sha ruwa kaɗan, ya taka ƙasa. Ba a tsaya ba sai Dosso. Suka tarar Barkono yana haki, miyau na dalala, ya yi aman kumfa a kan zanen da buhu. Buba ya ba shi ruwa a tafin hannu, kurɓi-kurɓi, sannan ya tafi kewaya.

Husaina na kallo Luƙman ya sa wuƙa ya yanke zanen ya yar, ya zarga wa karen igiyar a wuya, ya ƙara mata tsawo don ya kwanta nesa da hatsi. Ta buɗe baki, ya harare ta, ta rufe. Da tsohon ya dawo, Luƙman ya tura shi gaban mota ya ja.

Kafin Birnin Gaure wani mai babur ya yi ta ɗaga musu hannu. Barkono ya yi tsalle, igiyar ta kai shi waje amma ba ta kai shi ƙasa ba.

Kafin su tsaya ya riga ya mutu. Buba ya kwance shi da kansa, ya shafa wuyan, bai tambayi kowa ina zane ba. A Yamai, da Luƙman ya buɗe ƙofar gida ya ce, "Bismilla, Baba," tsohon ya tsaya a bakin ƙofa.

"Nuna mini inda za ka ɗaure ni," in ji shi.