Shafi na Goma Sha Tara

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya koya mini lissafi, kuma da duka ya koya mini. Malamin sakandare ne a Tambuwal. Daga Kebbe aka kawo ni hannunsa ina shekara goma sha biyu. Yana da wata doguwar rula ta katako, wadda ya taɓa fasa mini kunne da gefenta don na tsallake layi ɗaya a aikin gida. Na tsane shi ƙwarai, amma saboda shi na shiga jami'a.

Shekarar da na dawo hutun ƙarshe daga jami'a, lokacin da kowane ma'aikaci ke sayen sabon babur, shi yana nan da tsohon kekensa da wani littafi mai baƙin bango. Bayan an tashi makaranta ya kira ni aji, ya ajiye littafin a gabana. Shekara bakwai yana rubuta shi. Ya ce in kai wa manyan malamanmu, wai ya kafa hujjar abin da ake kira ƙa'idar zaɓe.

Ƙa'idar ba ta da wuyar faɗa. A ce ga tarin abubuwa iri-iri, babu tarin da yake wayam. Ƙa'idar ta ce akwai zaɓe guda da ya ware abu ɗaya daga kowane tari, komai yawansu. In tari goma ne, ba a bukatarta: ka ɗauka nan, ka ɗauka can, ka gama. In ba su da iyaka amma akwai doka, nan ma lafiya lau. Tarin lambobin ƙirga ne? Ka ce a ɗauki mafi ƙanƙanta a kowanne, magana ɗaya ta wadatar. Matsalar tana inda tarin ba su da iyaka, kuma babu abin da ya bambanta na cikinsu, kamar tsabar gero a masussuka. Babu doka, ɗauka ɗaya-ɗaya kuma ba ta ƙarewa. Shi ya sa ake karɓar ƙa'idar haka nan, ba tare da hujja ba. Kawu ya ce shi ya samo hujjarta daga sauran ƙa'idojin lissafi.

A jami'a an riga an gaya mana cewa masana sun tabbatar hakan ba ya yiwuwa, muddin ƙa'idojin ba sa karo da juna. Labarin ne bai iso shi ba. Don haka kuskure kawai nake nema, na kuwa same shi a shafi na goma sha tara. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina.

Na ce, "Kawu, nan kun ce a zaɓa daga na farko, da na biyu, a ci gaba hakanan har a game su duka."

"To, mi ya samu wurin?"

"Abin da kunka nuna shi ne, kowace lamba anka kawo, ana iya zaɓe har zuwa gare ta. Ba ku nuna zaɓe guda da ya haɗa su duka ba. 'Har a game' ɗin nan, ita ce ƙa'idar da kuka son kafawa."

Da na tsaya nan, da ƙila an rabu lafiya. Sai na yi murmushi.

Rular ta sauka a bakina. Na ji haƙori ya motsa, jini ya cika mini baki. Ya ƙara mini a wuya, ya ƙara a kafaɗa, yana cewa, "Ni za ka koya ma lissafi? Ni na koya maka ƙirga fuɗu!" A duka na huɗu na cafke rular. Shekarata ashirin da uku, ban san na fi shi ƙarfi ba sai ranar. Na fizge, na hankaɗa shi. Ya tafi da baya, ya ture benci biyu, goshinsa ya daki bakin tebur. Na karya rular a gwiwata, na jefa masa guntayen, ina zaginsa da kalmomin da har yau nake jin kunyarsu.

Ya zauna a ƙasa, jini na bin girarsa yana ɗiga a rigarsa. Na jira ya tsine mini. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi littafin.

Ya buɗe shafin, ya bi layin da yatsa, ya koma sama, ya sake bi. Yatsan ya bar jan tabo a takardar. Na ga lokacin da ya gane, don leɓensa ya daina motsi. Ya fi kowa sanin lissafi a garin nan, bai bukaci a maimaita masa ba.

Ya rufe littafin, ya miƙo mini. "Ka dai kai musu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wataƙila su ga abin da ba mu gani ba."

Na karɓa na ce to. Ban kai ba, na sa shi a ƙasan akwatina. Kawu ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, duk sallah ina zuwa in durƙusa in gaishe shi. Yakan tambaye ni aiki, da iyali, da hanya. Bai taɓa tambayata abin da malaman suka ce ba.