Kayan Suna Sun Tafi Zurmi

Amarachi haifaffiyar Ƙaura Namoda ce, a bayan shagon mahaifinta na kayan gyaran babur ta girma. In tana magana ba ka ganinta, sai ka rantse Bazamfara ce. Ba ta da shago, a waya take sayar da kayan jarirai: ta ɗora hotuna, mata su zaɓa su turo kuɗi, ita kuma ta kai ƙunshin tasha, ta tura wa mai kaya lambar direba. Tana da ɗan banzan surutu, amma ni dai ina son ta haka.

Wata mai sayen kayanta, Maimunatu ta Galadi, ta haihu, ta sayi riguna da shawul na ranar suna, Asabar. Aka shirya mijinta Mudi zai hau babur ranar Alhamis ya karɓa a tashar Shinkafi. Kowa ya san hanyar nan, mutum ba ya bin ta don nishaɗi.

Da yammacin Laraba Amarachi ta je tasha a gurguje. Ta hangi motar Dogo, direban da ta saba ba wa saƙon Shinkafi, ta miƙa wa yaron mota ƙunshin, ta juya ba ta tambayi komai ba. Ashe ranar shatar Zurmi Dogo ya samu. Sai da asuba ya kira, ya ce kaya suna Zurmi, shi kuma sai Asabar zai dawo.

Ƙawarta Saude ta ce, "Ki ce mata suna hanya mana, kowa haka yake cewa. In ta ji gaskiya, kin rasa matan Galadi kaf."

Amarachi ta ji tsoron hakan ƙwarai, don Maimunatu ce ta fara saye daga can. Amma ta danna waya ta yi saƙon murya:

"Maman jariri, ina kwana, ya ƙarfin jiki? Kayanki ba su taho ba. Ni na yi kuskure, na sa su motar Zurmi. Suna nan lafiya hannun direba, amma ba su isowa gare ki kahin suna, sai Lahadi in Allah ya yarda. Don Allah kada Malam Mudi shi hito yau, babu komi tasha. In kin fasa, in maido miki kuɗinki yanzu. Ki yi haƙuri."

Sabis ɗin waya a Galadi zuwa yake yana ɗaukewa. Amarachi ta zauna tana kallon waya, ko karin kumallo ta kasa, har saƙon ya shiga.

Can da hantsi amsa ta zo, da kukan jariri a bayanta.

"Wallahi na ji haushi, 'yar'uwa. Amma har ya tada babur munka ji saƙonki, ga shi nan zaune yana shan kunu. Rigar suna na ara wurin yayata. Ki bar kayan su taho Lahadi. Kuma ki turo hotunan takalma, yayar tawa na so."